Waye ya ba su izinin ƙara kuɗin? Batun sitandin oda da dairek debit

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ta Birtaniya su taimaka min. Wata na biyar ke nan a Bradford. Yau da safe na buɗe manhajar banki na ga kamfanin wuta da gas sun cire min fam 112, alhali tun da na shiga gidan nan fam 85 suke cira duk ranar 5 ga wata. Ni ban taɓa komai ba. Kuɗin haya kuma fam 650 ne yake fita ranar 1, shi bai taɓa canzawa ba ko da kwabo. To ashe ba abu ɗaya ba ne? Ta yaya wani zai ƙara wa kansa kuɗi daga asusuna? Sannan akwai wani fam 9.99 da yake fita duk wata, har yau ban san ko na mene ne ba.

Abba: Wa alaikumus salam Anti. Duk abu ɗaya ne, biyan kuɗi ne da yake tafiya da kansa. Ki shiga manhajar ki soke shi kawai, ba za su sake iya taɓa miki ko sisi ba. Haka na yi wa wani wurin motsa jiki a Coventry.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Abba, dakata tukuna, kada ka sa ta soke na wuta. Maman Iman, ba abu ɗaya ba ne, kuma abin da kika lura da shi da kanki shi ne ainihin bambancin. Kafin in yi dogon bayani, ki duba min abu ɗaya. A jerin kuɗin da suka fita, kusa da na haya me aka rubuta, kusa da na wutar kuma me aka rubuta?

Maman Iman: Na haya an sa SO. Na wuta an sa DD. Shi 9.99 ɗin ba ko ɗaya, hoton kati ne kawai a gefensa.

Malam Sani: Madalla, to kin ga abu uku ne a hannunki, ba ɗaya ba. SO ɗin nan shi ne sitandin oda, a allo za ki ga an rubuta Standing order. Wannan ke ce kika bai wa bankinki umarni: duk ranar 1 ga wata ku aika wa wane fam 650. Ke kika rubuta adadin, ke kika zaɓi ranar, ke kika sa lambar asusun mai gidan. Shi mai gidan ba shi da hannu a ciki, zaman jira kawai yake. Ko gobe ya ƙara haya zuwa fam 700, banki 650 zai ci gaba da aikawa har sai kin shiga kin gyara da hannunki.

DD kuwa dairek debit ne, Direct Debit a allo. A nan ba ki ce wa banki ya aika komai ba. Izini kika bai wa kamfanin cewa su zo su karɓa, kika kuma sanar da banki ta bakinsu cewa idan sun zo a ba su. Ranar da kika yi rajistar wutar sun tambaye ki lambar reshe mai lamba 6 da lambar asusu mai lamba 8, ko? To wannan shi ne izinin. Kuma a cikin izinin babu adadi. Kamfanin ne yake faɗin nawa da yaushe. Shi ya sa ake amfani da shi wurin abin da kuɗinsa yake hawa da sauka, wuta, ruwa, waya, harajin kansil.

Da mutanenmu nakan ce: na farko kamar ka aiki yaro ne duk wata da kuɗi a ƙulle ya kai wa wani. Na biyu kuwa kamar ka ce wa mai tsaron shagonka, idan wane ya zo da takarda ka ba shi abin da ke rubuce a jiki.

Maman Iman: Innalillahi. Wato za su iya rubuta dubu ɗaya a ba su?

Malam Sani: Banki ba zai tsaya tambayarki ba, wannan gaskiya ne. Amma akwai sharaɗi a kansu. Duk dairek debit a Birtaniya yana ƙarƙashin abin da ake kira Direct Debit Guarantee, za ki ga rubutunsa a ƙasan takardar ko imel ɗin da suka turo miki lokacin rajista. Abin da yake cewa shi ne, idan za su canza adadi ko rana ko yawan lokutan cira, dole su sanar da ke tun kafin lokacin, yawanci kwanakin aiki 10, sai dai in an yi yarjejeniyar wani wa'adi daban. Kwanakin aiki fa, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutun banki, wato kusan mako biyu ke nan. Idan kuma aka yi kuskure wurin cirar, ko daga kamfanin ko daga bankin, hakkinki ne banki ya mayar miki da kuɗin gaba ɗaya nan take. Bankinki za ki kira, ba sai kin bi kamfanin kina roƙo ba. Shi bankin ne zai je ya karɓo nasa daga wurinsu.

Saboda haka tambayar ita ce: sun sanar da ke ko ba su sanar ba? Ki bincika imel ɗinki, har da akwatin tarkace, ki rubuta sunan kamfanin ki ga abin da zai fito daga watan jiya.

Ɗan Kurmi: Ni dai daga Kano nake bin ku, amma wannan ai shi ne abin da CBN ta kawo a 2020, wanda idan ka ci bashin banki ka ƙi biya sai a bi BVN ɗinka a kwashe kuɗin daga duk asusun da kake da shi. Hajiya ki tuna ko akwai bashin da kika ci.

Malam Sani: A'a Ɗan Kurmi, wancan GSI ne, wato Global Standing Instruction, hanyar ƙwato bashi ce tsakanin bankunan Najeriya. Sunan ya yi kama saboda kalmar "standing" da ke ciki, amma ba ruwansa da wannan. Ita ba bashi ake bin ta ba, kuɗin wuta take biya.

Ɗan Kurmi: To Allah ya ba da haƙuri. Mu nan wutar ma sai mun gan ta.

Anti Larai: Ɗan Kurmi ka ban dariya. Bari in ba ku nawa labarin, don Malam ya yi ta yabon sitandin oda kamar ba ya cizo. Shekara biyu da suka wuce na tashi daga wani ɗaki a Leeds, na mayar da makulli ranar 26. Hidimar kwashe kaya ta sa na manta sam. Ranar 1 sai ga fam 480 ta tafi wurin tsohon mai gidan, ga kuma sabon gida na biya. Na kira banki ina huci na ce ku dawo min da kuɗina, ai akwai garanti. Yarinyar ta ce min cikin ladabi, wannan sitandin oda ne, ke kika umarce mu, mun kuma yi abin da kika ce. Abin da za su iya kawai shi ne su tuntuɓi bankin mutumin su nemi a mayar, amma ba su yi min alkawarin komai ba. Sai da na yi sati biyar ina bin bawan Allahn nan da waya kafin ya turo, ya ma zaftare wani abu wai na fenti.

Malam Sani: Ban yabe shi ba Anti, amma kin kawo abin da ya kamata in faɗa. Wanda ke hannunka ba shi da garanti, domin idan an yi kuskure kai ka yi. Wanda ke hannun kamfani shi aka ɗaura wa garanti, domin ba don haka ba babu mai hankalin da zai yarda ya ba da izinin da ba adadi. Shi ya sa idan wa'adin haya sananne ne, gara a sa wa sitandin oda ranar ƙarewa tun wurin kafa shi. Akwai gurbin a yawancin manhajoji, mutane ne suke tsallakewa su zaɓi "until further notice", wato har sai an ce a daina.

Maman Iman: Malam na gani. Yana cikin tarkace. Ranar 14 ga watan jiya suka turo, sun ce sun duba yadda nake shan wuta, za su mayar da shi 112 daga ranar 5.

Malam Sani: To daga 14 zuwa 5 ga wata na gaba ya kusa mako uku, sun cika sharaɗin kwanakin aiki 10 har da rara. Ke nan ba kuskure suka yi ba, kada ki nemi banki ya mayar. Idan kika nema aka ba ki, kamfanin zai dawo ya ce ki biya, kuma garantin da kansa ya ce wanda ya karɓi mayarwar da bai cancanta ba sai ya mayar. Abin yi shi ne ki ɗauki hoton mitar wuta da ta gas yau, ki tura musu lambobin, ki tambaye su a kan me suka gina 112 ɗin. Sau da yawa ƙiyasi ne suke yi na shekara su raba gida 12, don kuɗin da ake tarawa lokacin zafi ya rufe na hunturu. Idan ƙiyasin ya zarce abin da mita ta nuna, kina da bakin cewa su rage. Wannan magana ce tsakaninki da su, banki ba ya ciki.

Abba: Amma Malam ai ban yi ƙarya ba, tana da ikon sokewa duk lokacin da ta so.

Malam Sani: Tana da shi, ba ka yi ƙarya ba. Kowa yana iya soke dairek debit ta bankinsa ba tare da neman yardar kamfani ba. Abin da ka bari shi ne, hanyar biya ka soke, yarjejeniyar tana nan daram. Wurin motsa jikin nan naka, kwantiragin wata nawa ka sa wa hannu?

Abba: Wata 12. Na soke a na huɗu.

Malam Sani: Sun rubuto maka?

Abba: Akwai wasu wasiƙu da suke zuwa, ban buɗe ba gaskiya.

Ummi: Abba je ka buɗe su yau ɗin nan don Allah. Ƙawata haka ta yi da layin waya, aka miƙa ta ga masu karɓar bashi, abin ya hau tarihin bashinta. Da ta zo neman gida sai da ya dame ta.

Malam Sani: Ka ji. Kuma ga Maman Iman, yawancin kamfanonin wuta farashin mai biya ta dairek debit ya fi sauƙi a kan na mai jiran takarda ta zo ya biya. In ta soke za ta iya komawa farashi mafi tsada, ga bashin yana taruwa.

Yanzu mu zo kan yadda za ki ga duk abin da ke rataye a asusunki. A manhajar ki nemi sashen biyan kuɗi. Kowane banki da sunan da ya ba shi, wani Payments, wani Regular payments, wani Scheduled payments, wani sai kin danna kan asusun kin shiga Manage. A ciki za ki tarar da jeri biyu, Direct Debits da Standing orders. In manhajar ta rikita ki, ki shiga ta kwamfuta, ko ki kira lambar da ke bayan katinki ki ce su karanto miki, ko ki je reshe su buga miki a takarda.

Ki lura da yadda jerin biyu suka bambanta, don shi ma darasi ne. Na sitandin oda zai nuna miki gaba: nawa, wa za a aika wa, rana ta gaba, kuma akwai wurin gyarawa. Na dairek debit yawanci baya yake nunawa: sunan kamfani, lambar shaidarki a wurinsu, adadin da suka cira na ƙarshe da ranar. Ba za ki ga wurin gyara adadi ba, sokewa kawai. Dalili shi ne bankin kansa bai san nawa za a nema wata mai zuwa ba. Buƙatar tana bi ta tsarin tura kuɗi tsakanin bankuna ne mai suna Bacs, wanda yake ɗaukar kwanakin aiki 3 daga turowa zuwa cira, shi ya sa wasu manhajoji sai ana gobe ko jibi suke nuna miki abin da ke tafe.

Maman Iman: Na shiga. Sitandin oda guda ɗaya ne, na haya. Dairek debit guda biyar: wuta, ruwa, kansil, waya, sai wani GoCardless da ban san shi ba, fam 24. Na kansil kuma an rubuta cirar ƙarshe watan Janairu, ga shi muna Maris. Ko ya mutu ne ban sani ba, ana can ana tara min bashi?

Ummi: Na kansil kam ni ma na sani. Kashi 10 suke raba shi, Afrilu zuwa Janairu, Fabrairu da Maris hutu ne. Sabuwar takarda za ta zo miki cikin watan nan, su ci gaba a Afrilu. Kina iya cewa su raba miki 12 in kin fi so.

Malam Sani: Ummi ta faɗa daidai, kada ki taɓa shi. Wannan ne ma ya sa kalmar "yana aiki" take ruɗar mutane. Kasancewar abu a jerin ba ya nufin ana cira yanzu, yana nufin ƙofar a buɗe take. Izinin da aka daina amfani da shi ba ya rufuwa da kansa sai ya ɗauki dogon lokaci ba a ja komai ba. Don haka mutum zai iya ganin tsohon kamfanin inshorar da ya bari tun bara yana nan zaune. Irin wannan, in ka tabbata kun rabu kuma ba sa bin ka komai, soke shi.

GoCardless kuwa kamfani ne da yake karɓar dairek debit a madadin ƙananan wurare, makarantun yara, ƙungiyoyi, masu intanet. Ki danna kansa ki karanta abin da ke rubuce a gurbin lambar shaida, sau da yawa sunan ainihin wurin yana ciki. Ko ki rubuta GoCardless a binciken imel, suna turo sanarwa.

Maman Iman: Kai, na islamiyyar Iman ne na ranar Asabar. Ni na cika fom ɗin ma. To 9.99 fa? Babu shi a jeri ko ɗaya.

Malam Sani: Ba zai fito ba, kuma nan ne inda mutane da yawa suke yaudarar kansu. Su duba jerin biyu su ce alhamdulillahi na san komai. Na ukun cira ne ta kati. Wata rana kin bai wa wani wuri doguwar lambar da ke jikin katinki, mai lamba 16, da ranar ƙarewa, wataƙila gwajin kyauta na mako ɗaya, suka ci gaba da cira. A wurin banki wannan sayayya ce da kati kamar kin je shago, shi ya sa kika ga hoton kati. Hanya mai sauƙi ta ganewa tun farko: in lambar asusu aka tambaye ka, dairek debit ne, in lambar kati ce, wannan na ukun ne. Kuma garantin da muka yi magana bai shafe shi ba.

Wasu bankuna sun fara tara su a wani sashe mai suna Subscriptions, amma ban dogara da shi ba. Ni abin da nake yi sau ɗaya a shekara, in sauko da sitatimen na wata 13 in bi da biro. Na ce 13 ne saboda masu cira sau ɗaya a shekara, irin inshora da sabunta rajista, in wata uku kawai ka duba ba za ka gan su ba.

Abba: Wannan kam mai sauƙi ne. Ki ce katin ya ɓace su ba ki sabo, lambar ta canza, shi ke nan sun rasa ki.

Anti Larai: Ba ya aiki kullum. Na gwada, suka biyo ni kan sabon katin.

Malam Sani: Haka ne, Visa da Mastercard suna da tsarin sabunta wa 'yan kasuwa bayanan kati idan an canza. Ba sai an yi dabara ba ma. Doka ta ba ki ikon cewa bankinki ya tsayar da irin wannan cirar, kuma dole su tsayar, ba za su ce sai kin fara zuwa wurin kamfanin ba. In aka sake cira bayan kin tsayar, su za su mayar miki. Amma ki fara gano ko na mene ne, ki soke a can ma, don kada a maimaita labarin Abba.

Kawu Idi: Tambaya daga gefe. Ni albashina ranar 28 yake shiga, amma wani watan yakan makara. In ranar cira ta zo ba kuɗi fa?

Malam Sani: Manyan bankuna suna sake gwadawa a ranar, in ka zuba kuɗi kafin ƙarfe 2 na rana yawanci zai wuce. In bai wuce ba, sitandin oda mai gida kawai zai ga shiru. Dairek debit kuwa komawa yake wurin kamfani da shaidar ba a biya ba, suna iya sake nema bayan 'yan kwanaki, wasu su ɗora tara. Mafita ita ce matsar da ranar. Ta sitandin oda kai za ka matsar a manhaja, amma ka yi kafin ranar aikin da ke gabanta, ba da daren ba. Ta dairek debit sai ka kira kamfanin, banki ba ya iyawa.

Kawu Idi: Ni fa shi ya sa har yau wuta da hannuna nake biya in takarda ta zo. Ƙarin 'yan fam ɗin ya fi min sauƙi a kan wani ya riƙe min makullin asusu.

Ummi: Kawu ai asara kake yi duk wata a kan tsoron abin da garanti ya riga ya rufe.

Kawu Idi: Garantin da bai hana a kai wa Maman Iman sanarwa cikin tarkace ba? Sun cika sharaɗi a takarda, ita kuma ba ta gani ba. Ni wannan ban kira shi sanarwa ba.

Malam Sani: Ban ce ba ka da hujja ba Kawu. Ni na zaɓi in bar su su cira, in riƙa duba jerin. Kai ka zaɓi ka biya ƙari ka riƙe makullinka.

Maman Iman: Na gano 9.99 ɗin. Wata manhajar koyon karatu ce da na saukar wa Iman watan da muka zo, ko sau uku ba ta buɗe ba. Wata biyar, kusan fam 50 ke nan. Na soke a cikin manhajar, gobe in na taso daga aiki zan kira banki su tsayar ta wajensu ma. Hoton mita kuma na tura. Malam, na bayan da suka riga suka cira, akwai yadda za a yi su dawo?

Malam Sani: Tunda ke kika sa katin da kanki, banki da wuya. Ki rubuta wa masu manhajar ki ce ba a yi amfani da ita ba, wani lokaci sukan mayar da na watan ƙarshe. Abba, ka buɗe wasiƙun?

Abba: Na buɗe ɗaya. Malam zan kira ka ta waya.